Kwana 30 daga yaushe? Muhawarar masu kai wa ofisoshi kaya bashi a Garwa

Sani Mai Takarda: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Ina kai wa ofisoshi takardar A4 da tawadar firinta da fayil-fayil a nan Garwa. Akwai wani kamfani mai zaman kansa da na kai wa kaya ranar 5 ga Maris: katan 20 na takarda a kan 17,500, tawada 6 a kan 25,000, sai fayil da biro da tarkace na 100,000. Jimilla sefa 600,000. Uwar kuɗina a ciki 510,000 ce. Sakatariyarsu ce ta kira ni a waya ta yi odar, ta ce kwana 30 za a biya. Ga shi mun shiga Yuli, kullum "dosiyenka yana kan hanya". Wanda nake saro kaya a wurinsa a Duwala ya fara yi mini waya safe da yamma. Ina so in tsara 'yar takardar sharuɗɗa, shafi ɗaya, wadda duk ofishin da zai karɓi kayana bashi zai sa wa hannu. Me zan rubuta a ciki?

Alhaji Bako: Wa alaikumus salam ɗana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu da muka tsufa a babbar kasuwa da fatar baki muka yi ciniki, har yau ba mu mutu ba. Ka bi darakta gida da goronka ku gaisa. Takarda ba ta sa mai taurin bashi ya biya.

Hajiya Ladi: Alhaji, Allah ya ja kwana, a kasuwa gaskiyarka ce, domin mutumin da ka ba kaya shi ne zai biya ka, gobe ma yana rumfarsa. Ofis ba haka yake ba. Mai yin oda daban, mai karɓar kaya daban, mai sa hannu a cak daban, kuma ana iya canza kowannensu a wata ɗaya. Ni aikin kontabul nake yi, bari in yi wa Sani tambaya. Ƙanena, wa ya sa hannu da ka sauke kayan? Yaushe kuma ka kai faktir, wato takardar lissafin kuɗin kayan?

Sani Mai Takarda: Hajiya, mai gadi ne ya taya ni shigar da katan-katan ɗin, sakatariya ta leƙo ta ce an gode. Faktir kuwa sai farkon Afrilu na kai, ranar 2 ga wata, da na ga kwana 30 ɗin sun kusa cika.

Hajiya Ladi: To ka ga inda lissafinku ya rabu. Kai kana ƙirga daga 5 ga Maris, a wurinka 4 ga Afrilu kuɗi sun nuna. Su kuwa ba su san da bashinka ba sai ranar da faktir ya shiga ofis aka buga masa hatimin karɓa. Kuma kamfanoni da yawa abin da suke nufi da kwana 30 shi ne kwana 30 sannan a jira ƙarshen wata. Ɗauki 2 ga Afrilu ka ƙara kwana 30, ka faɗa 2 ga Mayu, sai a tura ka biyan ƙarshen Mayu. Daga 5 ga Maris zuwa 31 ga Mayu kwana 87 ke nan, kuma a ganinsu ba su makara ko da yini ɗaya ba.

Amma ba wannan ne ya riƙe ka har Yuli ba, in ka tambaye ni. Ni ba na iya fitar da ko dala sai takardu uku sun haɗu a gabana sun yi magana ɗaya: bon-komand, wato takardar oda da ofis ya bayar, takardar sauke kaya da mai sito ya sa wa hannu, da faktir ɗinka. Kai faktir kaɗai gare ka. Kontabul ɗinsu ko yana ƙaunarka ba shi da abin da zai maƙala shi a kai, in masu binciken kuɗi suka zo wuyansa za a kama. Shi ya sa dosiyen yake "kan hanya". Yana cikin durowa ne.

Ɗanjuma Kusiri: Ni dai shawarata kada ka ci bashin waɗannan ƙananan bankunan, ruwansu ya yi yawa. Wani abokina babur ɗinsa suka ɗauke.

Sani Mai Takarda: Yaya Ɗanjuma, ba ni zan ci bashi ba, ni ake ci wa.

Ɗanjuma Kusiri: Af, afuwan. Daga tsakiya na tsinci zancen.

Malam Abbo: Na yi shekaru ina aiki a ofishin wisiye, masu kai takardun kotu da karɓo bashi, kuma irin dosiyen Sani shi ne ya fi zuwa mana. Hajiya ta faɗi na cikin ofis, ni bari in faɗi na kotu, don ka gane dalilin kowane layi da za ka rubuta.

Dokar kasuwancinmu ta OHADA ce, ƙasashe 17 ke aiki da ita, har da Kamaru da Chadi. A cikinta akwai gajeriyar hanyar karɓar bashi: ka kai wa shugaban kotu takardunka, ba tare da an kira wanda kake bi ba, in ya gamsu ya ba da umarnin a biya ka. Wisiye ya kai wa mai bashin, yana da kwana 10 ya yi jayayya. Da kwana 15 ne, gyaran da aka yi a 2023 ya rage su. In bai yi ba, umarnin ya zama abin zartarwa, ana iya riƙe kuɗinsa a banki. A nan Kamaru, bashin da bai wuce miliyan 10 ba ƙaramar kotu ake kai shi.

Sai dai alƙali abu uku yake dubawa. Bashin tabbatacce ne? An san adadinsa daidai? Lokacin biyansa ya yi? Faktir ɗin da kai ka rubuta da hannunka, babu hannun kowa a kai, ba ya amsa ko ta farko, don kowa na iya zama a shagonsa ya rubuta wa gwamna faktir. Takardar sharuɗɗan da kake son yi, aikinta ke nan: ta amsa tambayoyin nan uku tun kaya ba su bar shagonka ba. Ga yadda zan tsara ta:

1. Ba a fitar da kaya sai da bon-komand mai lamba, da hatimin ofis, da sa hannun wanda aka ambaci sunansa da muƙaminsa a ƙasan wannan takarda. Odar waya ko ta WhatsApp sai an biyo ta da bon.
2. Farashin da aka bayar yana aiki kwana 15. An rubuta a fili ko har da harajin TVA ne ko ban da shi, da wanda zai biya kuɗin dako.
3. Ranar sauke kaya, mai karɓa zai ƙirga, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya sa hannu da hatimi a kofi biyu. Abin da ya gaza ko ya lalace a rubuta shi nan take.
4. Faktir yana tafiya tare da kaya. Za a biya cikin kwana 30 daga ranar sauke kaya, kuma an rubuta ranar da lambobi a jikin faktir.
5. Odar da ta wuce 300,000 sai da kafin alƙalami, kashi 30 cikin 100.
6. Bashin da ke kan ofis ba zai wuce 500,000 ba a lokaci ɗaya. In faktir ɗaya ya wuce ranarsa, an dakatar da kai kaya har a biya.
7. Ana biya ne ta asusun banki ko lambar waya da ke rubuce a nan. Kuɗin hannu sai da rasit mai hatimin shago.

Lambobin na misali ne, ka daidaita su da ƙarfin jarinka. Ka sa wanda ya iya ya juya maka ita zuwa Faransanci, tunda da shi ofisoshinmu ke aiki, ka sa lambar rajistar kasuwancinka da lambarka ta haraji a sama.

Hajiya Ladi: Layi na 4 shi ne zuciyar takardar. Kada ka tsaya a "kwana 30", rubuta "ranar biya: 4 ga Afrilu". Ni kaina in na ga kwanan wata ƙuru-ƙuru a faktir, a wannan ranar nake shigar da shi jadawalin biya. In babu, tsarinmu nake bi, tsarinmu kuma ba don jin daɗin mai kawo kaya aka yi shi ba. Sannan ka riƙe kofin faktir da aka buga wa hatimin karɓa. Ɗauki hotonsa a waya tun kana bakin ƙofa.

Na 2 ma kada ka raina shi. TVA a nan 19.25 ne cikin 100. A kan 600,000 ya kama 115,500, ya fi ribarka ta 90,000. In kai kana nufin ban da haraji, su suna nufin har da shi, rigimar ta fi ƙarfin gaisuwa. Kuma ba kowane ɗan kasuwa ne doka ta ba ikon ɗora TVA a faktir ba, ya danganta da ajin da ofishin haraji ya sa ka. Wasu manyan ofisoshin kuma an ɗora musu su cire haraji daga kuɗinka su kai da kansu. In an cire maka, ka nemi takardar shaidar cirewa, don ita za ka nuna a ofishin haraji.

Alhaji Bako: To Malam Abbo, tunda sai an rubuta, a ƙara cewa kayan na Sani ne har sai an biya. In suka ƙi, ya je da amalanke ya kwashe abinsa. Na ji ana yin haka.

Malam Abbo: Alhaji, ranka ya daɗe, sharaɗin yana nan a doka, amma da ƙa'idojinsa. Dole a rubuta shi a amince kafin ko a ranar sauke kaya, ba daga baya ba. In kuma ana so ya yi aiki a kan wasu masu bin kamfanin bashi, sai an yi masa rajista a kundin kasuwanci na kotu. Ko da an yi duk wannan, ba ka da ikon kutsawa ofishin mutane ka kwashi kaya da hannunka, ta kotu ake bi, in ba haka ba mai bin bashi ya koma wanda ake ƙara. Sannan a duba kayan Sani. Takardar da aka kai a Maris an buga wasiƙu da ita an raba, tawada ta ƙare an jefar da kwanson. Me zai ɗauko? In injin fotokofi ne ko kujeru ko kabad, mai lamba a jiki, a nan sharaɗin yake da amfani, sai a rubuta lambar injin a takardar sauke kaya.

Sani Mai Takarda: Malam, tsorona na 5 da na 6. In na ce sai an ba ni 180,000 kafin in kawo kayan 600,000, akwai mutum goma a layi da za su kai ba ko sisi. Kwastoman zai gudu.

Hajiya Ladi: Wasu za su gudu, ba zan yi maka ƙarya ba. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da yawa ba sa ba da kafin alƙalami a kan ƙananan kaya, tsarinsu ya hana. A irin wannan sai ka raba odar: katan 10 yau, in an biya a kai sauran. Amma na 6 kada ka sassauta. Abin da ke karya masu kawo kaya ba faktir na farko ba ne, na biyu da na uku ne da suke ci gaba da kaiwa don kada a yi fushi a hana su na farkon.

Bello Marwa: Ku ƙara masa tara mana. Duk watan da aka makara kashi 5 cikin 100. Su ma kamfanonin haka suke yi wa mutane.

Ustaz Hamidu: Malam Bello, a nan sai mun tsaya. Rubuta bashi umarni ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kansa ta sauka, kuma ta ce zuwa ajali ambatacce. Ka ga maganar Hajiya ta kwanan wata ba sabuwa ba ce. Hadisi kuma ya tabbata cewa jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Amma ƙara kuɗi a kan bashi saboda an makara, ka karɓa ka sa aljihu, wannan shi ne riba, ko da wane suna aka kira shi.

Abin da jumhurun malamai suka halatta shi ne farashin ajali ya fi na hannu. Sani yana iya cewa katan 17,500 ne kuɗi hannu, 18,500 ne zuwa kwana 60. Sai dai a zaɓi ɗaya a rubuta shi kafin ciniki ya faɗa, ba a rabu a kan biyun ba. In an tsaya a 18,500, ko sun kai shekara ba su biya ba, 18,500 ɗin ne.

Malam Abbo: Ta fuskar doka, Ustaz, mai bin bashi yana da haƙƙin ruwan jinkiri a kan ƙimar da hukuma ta yanka, daga ranar da ya aika takardar gargaɗi a rubuce. Amma haƙƙi ne, ba tilas ba, wanda bai so ba sai ya bar shi. Ni ma ban sa shi a jerin ba. A abin da na gani, dakatar da kaya ya fi tara cizo, don ofishin da takardarsa ta ƙare ranar Litinin shi zai neme ka.

Bello Marwa: To a juya ta mana. A rubuta 18,500, wanda ya biya cikin kwana 10 a rage masa 1,000. Ba ƙari ba ne, ragi ne.

Ustaz Hamidu: Wannan mas'ala ce tsohuwa, "rage mini in gaggauta maka". Malamanmu na Malikiyya sun hana ta, an ruwaito halaccinta daga Ibn Abbas, wasu malaman zamani kuma sun yarda da ita in ba a shar'anta ta tun farko ba. Kai kuwa so kake a rubuta ta cikin sharuɗɗa, wato an shar'anta ke nan. Ni ba zan ba shi shawarar haka ba.

Bello Marwa: Ni dai har yanzu ban ga bambancinta da farashi biyun da ka halatta ba, Ustaz. Kuɗin ɗaya ne.

Ustaz Hamidu: Bambancin yana wurin lokacin da farashi ya tsaya. Ka same ni bayan la'asar mu buɗe littafi, a nan zancen zai yi tsawo.

Mahamat Njamena: Gaisuwa daga ƙetaren Shari. Ni nawa ya fi na Sani ciwo. Wani ofishin gwamnati na kai wa kujeru da kabad, shugaban wurin da kansa ya ce in kawo, takarda za ta biyo baya. Kafin ta biyo aka yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi yana zaune a kan kujerata yana ce mini bai ga sunana a ko'ina ba. Wannan takarda ta Malam Abbo za ta yi aiki a kan gwamnati?

Malam Abbo: Ba za ta yi ba, ɗan'uwa. Gwamnati ba ta sa hannu a sharuɗɗan ɗan kasuwa, kai ne kake shiga nata. A Kamaru, sayayyar da ba ta kai miliyan 5 ba da bon-komand na hukuma ake yin ta, kuma bon ɗin ba ya zama kuɗi sai mai kula da kashe kuɗi ya duba ya tabbatar akwai kason a kasafi. Bayan an kai kaya a yi takardar karɓa, sannan dosiye ya tafi baitulmali. Kalmar shugaba, komai girmansa, ba ta cikin wannan jerin. Kuma ko ka yi nasara a kotu, ba a kama dukiyar hukuma kamar yadda ake kama ta kamfani. Sharaɗi ɗaya ne ke hannunka da su: babu cikakken bon, babu kaya. Naka kuwa, nemi mai kula da kayan ofishin, ka ga ko ya shigar da kujerun a kundinsa. In suna ciki, ka sami bakin zaren.

Alhaji Bako: Ka ji ko? Ƙarshenta dai sai an nemi mutum. Abin da na faɗa tun farko ke nan.

Hajiya Ladi: An nemi mutum don ya nuna takarda, Alhaji.

Sani Mai Takarda: Na gode ƙwarai. Na gaba na gane. To wannan 600,000 da ke ƙasa fa? Jiya sakatariyar ta ce za a iya ba ni cak mai kwanan watan Satumba.

Malam Abbo: Fara da gyara dosiyen. Rubuta takardar sauke kaya da lissafin abin da ka kai ranar 5 ga Maris, ka roƙi sakatariya ko mai sito su sa hannu cewa sun karɓa, su sa kwanan watan ranar da suka sa hannun, kada a yi dabarar mayar da kwanan wata baya. Kada ka goge saƙonninku na waya, tsakanin 'yan kasuwa ana karɓar hujja ta kowace hanya, har da ta waya. Sannan ka nemi darakta ya sa hannu da hatimi a takardar amincewa da bashi: muna riƙe da 600,000 na Sani, za mu biya 200,000 a ƙarshen Yuli, Agusta da Satumba, in kashi ɗaya ya wuce sauran duka sun zama abin biya nan take. Wannan takarda ita kaɗai ta amsa tambayoyin alƙali uku. Tana kuma sabunta ƙirgen wa'adi, don bashin cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa shekara 2 ne doka ta ba shi, in ka yi shiru suka wuce an rufe maka ƙofa.

Cak kuwa, a doka ana biyan sa ne ranar da aka kai shi banki, ko wane kwanan wata aka rubuta. In suna da kuɗi a asusu, me ya hana su rubuta na yau? In ya dawo babu kuɗi, shi ma hujja ne da ake kai wa shugaban kotu, amma ni na fi son takardar amincewar, cak ya zo a kan kowane kashi in lokacinsa ya yi.

Hajiya Ladi: Kuma kafin ka hau wurin darakta, biya ta ofishin kontabul ka tambaye shi abu ɗaya: wace takarda ce babu a dosiyena? In ya ce bon-komand, sakatariyar ce za ta nemo a yi maka na cike gurbi. Ka je da safe, kada ka je ranar biyan albashi.

Sani Mai Takarda: In darakta ya ƙi sa hannu fa?

Malam Abbo: Sai wisiye ya kai masa takardar neman biya, ya tambaye shi gaba da gaba, ya rubuta amsar da ya bayar. In ya ce "za mu biya wata mai zuwa", ya amsa bashin ke nan a rubuce. Tambayi kuɗin aikin wisiyen tukuna ka auna da ribarka ta 90,000, kuma ka sani daga ranar da ya taka ofishin da wuya su sake yi maka oda.

Mahamat Njamena: Malam Abbo, in na sami hoton shafin kundin zan turo maka ta akwatinka. Mai kula da kayan ya ce sai Alhamis yake shigowa.